Wace Kotu Ce Ke Da Hurumi? Fashin Baƙi Kan Hurumin Farko, Na Ɗaukaka Ƙara Da Na Haɗaka

A shekarar 1871 wani haɗarin jirgin ƙasa ya rutsa da wani mutum da matarsa a Amurka, Erasmus da Annie Mottley. Maimakon diyyar kuɗi, sai suka sasanta da kamfanin jirgin cewa zai riƙa ba su takardar hawa kyauta har iya rayuwarsu. Haka aka yi ta tafiya sama da shekara 30, har majalisar dokokin ƙasar ta yi wata doka a 1906 da ta hana kamfanonin jirgi raba irin wannan takarda. Kamfani ya ce shi kam hannunsa a ɗaure yake, ya daina sabunta musu. Suka kai ƙara kotun tarayya, aka saurare su, suka yi nasara. Kamfani ya ɗaukaka ƙara zuwa Kotun Ƙoli.

A 1908 Kotun Ƙoli ta yi abin da babu wanda ya roƙe ta. Ba ta ce komai kan alkawarin ba, ba ta ce komai kan dokar 1906 ba. Ta ce tun farko kotun tarayyar da ta saurari ƙarar ba ta da hurumin saurare, saboda haka duk abin da aka yi a gabanta ya rushe. Lauyan kamfani bai tayar da wannan magana ba, lauyan Mottley ma haka. Alƙalan ne suka ɗago ta da kansu, aka ce wa miji da mata su koma gidan jiya.

Wanda ya fara karatun tsarin ƙararrakin madani, wato rikicin haƙƙi tsakanin mutane irin su bashi, kwangila, fili da diyya, da wannan kalma ta hurumi zai fara cin karo. Ma'anarta ikon da doka ta ba wata kotu ta saurari wata irin ƙara kuma ta yanke hukuncin da zai ɗaure masu shari'a. Kundin tsarin mulki ko dokar da ta kafa kotun ne ke ba ta wannan iko. Alƙali ba ya ƙirƙira wa kansa shi, kuma idan batun nau'in ƙara ake magana, ko mai ƙara da wanda ake ƙara sun sa hannu sun ce sun yarda, yardarsu ba ta ba kotu abin da doka ta hana ta. Kotun Ƙolin Najeriya ta faɗi wannan ƙa'ida a shari'ar Madukolu da Nkemdilim ta 1962: shari'ar da aka yi ba tare da hurumi ba, komai kyan yadda aka gudanar da ita, ta tashi a banza.

Littattafan ɗalibai sun saba jera abubuwa uku a layi ɗaya: hurumin farko, hurumin ɗaukaka ƙara, hurumin haɗaka. Wannan jeri shi ne ke fara rikita mai koyo, domin yana sa a ɗauka akwatuna uku ne masu kama da juna, kowace kotu a jefa ta a ɗaya. Alhali tambayoyi biyu ne daban. Biyun farko suna amsa tambayar mataki: kotun nan fara jin ƙarar take yi, ko duba aikin wata kotu take yi? Na ukun kuwa tambayar ƙofa yake amsawa: kotu nawa ne ke da ikon karɓar wannan ƙara a wannan matakin? Abokin gaminsa shi ne keɓantaccen hurumi, inda ƙofa ɗaya ce tal. Don haka ƙara ɗaya tana iya kasancewa a hurumin farko kuma a hurumin haɗaka a lokaci guda, kuma yawancin lokaci haka abin yake.

Hurumin farko

Kotun da ke zama da hurumin farko ita ce inda ake buɗe fayil. Nan mai ƙara ke shigar da takardar da'awarsa, a fitar da sammaci, wanda ake ƙara ya kawo amsa. Nan shaidu ke rantsuwa, lauyoyi su yi musu tambayoyi, a miƙa rasit da takardar yarjejeniya a sa musu lamba. Aikinta biyu ne: ta tantance abin da ya faru, sannan ta ɗora doka a kansa. Alƙalin wannan mataki shi kaɗai ne zai ga fuskar mai shaida, ya ji inda muryarsa ta yi rawa, ya lura da tsawon shirun da ya yi kafin ya amsa. Wannan gani da ido zai yi nauyi sosai idan an je sama.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauka hurumin farko na ƙananan kotuna ne, na ɗaukaka ƙara kuma na manya. Hurumi nau'in ƙara yake bi, ba ya bin girman gini. Kotu ɗaya tana iya fara jin wata ƙarar kwangila da safe, da rana kuma ta zauna duba hukuncin majistare. Kotunan ƙoli ma suna da ɗan abin da aka ware musu na hurumin farko. Kundin tsarin mulkin Indiya a sashe na 131, da na Najeriya na 1999 a sashe na 232, duk sun ce rikici tsakanin gwamnatin tarayya da jiha, ko tsakanin jiha da jiha, kai tsaye Kotun Ƙoli ake kai shi. A Amurka ma rikicin jiha da jiha, kamar na iyaka ko rabon ruwan kogi, a Kotun Ƙoli yake farawa, kuma tun da alƙalai 9 ba za su zauna jin shaidu na watanni ba, sai su naɗa wani ƙwararre ya tattara hujjoji ya kawo musu rahoto. Dalilin ware wannan a fili yake: ba zai yiwu a ce jiha ta je ta tsaya gaban kotun jihar da take rigima da ita ba.

Shahararriyar shari'ar nan ta Marbury da Madison ta 1803, wadda ake tunawa da ita saboda ikon kotu na soke dokar majalisa, asalinta rikicin hurumin farko ne. An naɗa William Marbury muƙami a ƙarshen mulkin shugaban Amurka John Adams, sabuwar gwamnati ta ƙi ba shi takardar naɗin, shi kuma ya wuce kai tsaye Kotun Ƙoli yana dogaro da wata doka ta 1789. Alƙalin alƙalai John Marshall ya ce Marbury na da haƙƙi a kan takardarsa, amma kundin tsarin mulki ya riga ya lissafa ƙararrakin da za su iya farawa a Kotun Ƙoli, irin tasa ba ta ciki, kuma majalisa ba ta da ikon ƙara wa lissafin. Mutum ya zo da gaskiyarsa ya koma hannu rabbana, don ya ƙwanƙwasa ƙofar da ba tasa ba.

Ƙara ɗaya, ƙofa biyu

Hurumin haɗaka ya fi fitowa fili a ƙasashen da ke da kotunan tarayya da na jihohi a gefe da gefe, saboda haka bari mu ɗauki misali a tsarin Amurka mu bi shi daki-daki. A ce wata mata mazauniyar jihar Ohio ta sayar wa wani kamfani injuna na dala 120,000, ta kai kayan wani reshensa da ke Ohio, kamfani ya ƙi biya yana cewa injunan na da aibi. An yi wa kamfanin rajista a Delaware, hedikwatarsa kuma tana Texas. Ina za ta kai ƙara?

Kotun jihar Ohio mai hurumin gama-gari za ta karɓa ba gardama, domin irin waɗannan kotuna suna jin kusan kowace ƙara sai wadda doka ta cire musu. Kotun tarayya kuwa huruminta ƙididdigagge ne, sai mai ƙara ya nuna ta wace hanya ya shigo. Manyan hanyoyin biyu ne. Ko dai da'awar ta taso daga dokar tarayya, ko kuma masu shari'ar 'yan jihohi daban-daban ne kuma kuɗin da ake nema ya haura dala 75,000, ban da kuɗin ruwa da kuɗin shari'a. Bashin injuna dokar jiha ce ke hukunta shi, don haka hanyar farko a rufe take. Ta biyu kuwa a buɗe: ita 'yar Ohio ce, kamfanin kuma doka na ɗaukarsa ɗan jihohi biyu, inda aka yi masa rajista da inda hedikwatarsa take, wato Delaware da Texas. Babu inda suka haɗa jiha, kuɗi kuma ya wuce ƙa'ida. To a nan kotun jiha da ta tarayya duk suna da hurumin farko a kan ƙara ɗaya. Wannan shi ne hurumin haɗaka.

Ku lura da yadda ɗan canji kaɗan ke rufe ƙofa ta biyun. Da bashin dala 75,000 ne cif, babu hurumin tarayya, domin doka cewa ta yi ya haura. Da ta haɗa da wani dillali ɗan Ohio a cikin waɗanda take ƙara, nan ma an rufe, saboda tun shari'ar Strawbridge da Curtiss ta 1806 ƙa'idar ita ce kada ko mutum ɗaya daga ɓangaren masu ƙara ya haɗa jiha da ko mutum ɗaya daga ɗaya ɓangaren. Da kuma ƙarar ta satar fasahar da ta yi wa rajistar mallaka ce, ko ta neman kotu ta ayyana kamfanin a matsayin wanda ya karye, ƙofar jiha ce za ta rufe, domin waɗannan keɓantaccen hurumin kotunan tarayya ne.

Kalmar haɗaka tana iya sa mutum ya zaci kotunan biyu tare za su zauna, ko kowace za ta yanke nata hukuncin sai a zaɓi wanda ya fi daɗi. Abin da ake nufi kawai shi ne ko wace daga cikinsu aka kai wa, ta isa ta ji. Mai ƙara ne ke fara zaɓi. Da zarar ɗaya ta yanke hukunci na ƙarshe a kan da'awar, bakin alƙalami ya bushe, wanda ya sha kaye ba zai ɗauki takardunsa ya je ɗayar ya sake sabon lale ba. Ƙasashe sun bambanta kan abin da ake yi idan an shigar da ƙara iri ɗaya a wuri biyu kafin hukunci. Dokar tsarin ƙararrakin madani ta Indiya ta 1908 ta ce a sashe na 10 a dakatar da ta baya, a sashe na 11 kuma ta hana sake jin abin da aka riga aka hukunta. A Amurka kotun jiha da ta tarayya suna iya ci gaba kowace da tata har ɗaya ta riga kaiwa ga hukunci, daga nan hukuncinta ya ɗaure ɗayar.

Mu koma kan mai injuna. A ce ta zaɓi kotun jiha. Zaɓinta bai zama ƙarshen magana ba, domin doka ta ba wanda ake ƙara damar ɗauke ƙarar ya mayar da ita kotun tarayya da ke wannan yankin, muddin tun farko ana iya shigar da ita can. Kwana 30 gare shi daga ranar da takardun ƙara suka same shi bisa ƙa'ida. Ba izinin alƙalin jiha yake nema ba, takardar sanarwa zai shigar a kotun tarayya, ya ba kotun jiha kwafi, daga nan hannunta ya fita. Hikimar ita ce a kare baƙo daga son kan da ake tsoron kotun gida za ta nuna wa 'yar gida. Shi ya sa da matar ta bi kamfanin har Texas ta shigar da ƙara a kotun jihar can, ba zai iya ɗaukewa ba, tun da a gidansa yake, ba shi da baƙuntar da zai fake da ita. Idan ita kuma tana ganin an karya ƙa'ida wajen ɗaukewar, misali an makara, tana da nata kwana 30 ta nemi a mayar da ƙarar inda ta fito.

Ɗalibai da yawa suna rubuta wannan ɗaukewa a matsayin ɗaukaka ƙara, wai tun da an tashi daga jiha an koma tarayya. Kuskure ne. Babu hukuncin da aka yanke balle a duba shi. Kotun tarayyar za ta ji shaidu ta karɓi hujjoji kamar yadda ta jiha za ta yi, ƙarar tana nan a hurumin farko, gefe ta matsa, ba ta hau sama ba.

To me ya sa lauyoyi ke kashe kuɗi da lokaci kan wace ƙofa za a bi? Dokar da za a hukunta bashin da ita ɗaya ce, domin tun shari'ar Erie ta 1938 kotun tarayya da ke jin irin wannan ƙara dole dokar jiha za ta bi a kan ainihin haƙƙi. Abin da ke bambanta shi ne ƙa'idojin tafiyar da shari'a, cunkoson ƙararraki a gaban alƙali, yankin da ake ɗebo mutanen gari masu taya kotu yanke hukunci, da kuma wani abu da ba a cika faɗa wa mai koyo ba: ƙofar da aka shiga ita ke tsara tsanin da za a hau daga baya. Idan ƙarar ta tsaya a kotun jiha, kotun ɗaukaka ƙara ta jiha za a je, sannan Kotun Ƙolin Ohio, kuma a kan zallar dokar kwangila ta jiha nan ne ƙarshen hanya. Idan ta koma tarayya, sai kotun ɗaukaka ƙara ta shiyya ta 6 da ke Cincinnati. Ba a fara hawa wannan tsani a tsallaka wancan a tsakiya.

Abin da kotun sama take dubawa

A ce kamfanin ya ɗauke ƙarar, an yi shari'ar a kotun tarayya, alƙali shi kaɗai ya saurara, ya gaskata injiniyan kamfani cewa injunan sun zo da aibi, ya kori ƙarar matar. Ta fusata ta ce sai ta ɗaukaka. Abin da take hangowa a ranta shi ne za ta sake tsayawa gaban manyan alƙalai ta ba da labarinta tun daga tushe. Lauyan kirki zai zaunar da ita ya faɗa mata cewa ba za a kira ta ba, ba za a kira injiniyan ba. Alƙalai 3 ne za su karanta kundin shari'ar, wato rubutaccen abin da shaidu suka faɗa da takardun da aka karɓa da hukuncin, su karanta hujjojin lauyoyi a rubuce, wani lokaci su ba kowane ɓangare 'yan mintoci ya yi magana. Tambayarsu ita ce ko kotun ƙasa ta yi kuskuren da ya isa a taɓa hukuncinta.

Nan ne raba doka da abin da ya faru ke da amfani. Idan kuskuren na doka ne, misali alƙali ya ɗora wa matar nauyin tabbatar da abin da doka ta ɗora wa kamfani, kotun sama za ta duba da idonta, ba ta jin nauyin ra'ayin alƙalin ƙasa ko kaɗan. Idan kuwa kukan shi ne alƙali ya yarda da mai shaidar da bai kamata ya yarda da shi ba, aiki ne ja. Ƙa'ida ta 52 ta dokokin tsarin ƙara na tarayya ta ce ba za a ture abin da alƙali ya tantance ba sai kuskuren ya fito ƙarara, kuma a ba shi girmansa na wanda ya ga shaidu da ido. Ko alƙalan sama suna jin da su ne da sun gaskata matar, wannan bai isa ba. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi kowane amfani ga sabon lauya a duk babin nan, domin yana nuna masa cewa shaidar da bai kira a kotun farko ba, da tambayar da bai yi ba, ba zai same su a sama ba.

Haka batun sabuwar hujja yake. A ce bayan hukunci matar ta tsinci wata takarda a ƙasan durowa inda manajan kamfanin ya sa hannu cewa ya gwada injunan lafiya lau. Ba za ta liƙa ta a takardun ɗaukaka ƙara ba, tun da ba ta cikin kundi. Hanyarta ita ce ta koma kotun da ta yi hukuncin, cikin shekara 1, ta nemi a jingine shi, kuma sai ta nuna cewa ko da ta yi bincike da himma ba za ta samo takardar a kan lokaci ba. Takardar da ke cikin durowarta tun farko, da wuya wannan uzuri ya karɓu. A Ingila, inda kotun ɗaukaka ƙara kan iya karɓar sabuwar hujja, shari'ar Ladd da Marshall ta 1954 ta gindaya sharuɗɗa uku masu kama da wannan: ba a iya samo ta da himma a lokacin shari'a ba, za ta yi tasiri sosai a sakamako, kuma abin gaskatawa ce. Ba ko'ina ne tsarin yake haka ba. A Faransa kotun ɗaukaka ƙara tana sake duba abin da ya faru da doka baki ɗaya, kotun da ke samanta ce ta taƙaita ga doka kawai.

Hurumin ɗaukaka ƙara shi ma yana da ƙofarsa da mabuɗinsa. Na ɗaya, yawanci sai an kai hukunci na ƙarshe. Wanda ya ji haushin wani umarni da alƙali ya bayar a tsakiyar shari'a, galibi sai ya haƙura ya haɗa shi da sauran ƙorafinsa a ƙarshe, in ban da 'yan abubuwan da doka ta toge. Na biyu, lokaci. A kotunan tarayyar Amurka kwana 30 ne a ƙarar madani, 60 idan gwamnatin tarayya na cikin masu shari'a. A Najeriya wata 3 ne zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara idan hukuncin na ƙarshe ne, kwana 14 idan na tsakiyar shari'a ne. Wanda yake ganin wannan ƙaramin abu ne ya dubi shari'ar Bowles da Russell ta 2007 a Amurka. Doka ta ba alƙali ikon sake buɗe wa mutum wa'adin ɗaukaka ƙara na kwana 14, alƙali ya yi kuskure ya rubuta masa ranar da ta kai kwana 17, mutumin ya shigar da takardarsa a rana ta 16, cikin wa'adin da alƙali ya ba shi da hannunsa. Kotun Ƙoli, da rinjayen alƙalai 5 a kan 4, ta ce wa'adin na hurumi ne, kuskuren alƙali ba ya tsawaita shi. Ni dai hukuncin bai kwanta mini ba, amma ya nuna iya inda kalmar hurumi ke kaiwa idan aka liƙa ta ga wata ƙa'ida.

Akwai ƙa'idar da ta ce abin da ba ka tayar a kotun ƙasa ba, ka yafe shi, ba za ka fito da shi a sama ba. Hurumin nau'in ƙara shi ne babban abin da ya kuɓuce wa wannan ƙa'ida. A ce ana tsakiyar ɗaukaka ƙarar nan sai wani alƙali ya lura a kundi cewa tun ranar da aka shigar da ƙara, ainihin inda shugabannin kamfanin ke zaune suna tafiyar da shi Ohio ne, ofishin Texas suna ne kawai. To kamfanin ɗan Ohio ne kamar matar, kotun tarayya ba ta taɓa samun hurumi ba, hukuncinta zai rushe. Matar da ta sha kaye ta samu sabuwar dama ba don ta fi hujja ba, kamfanin da ya yi nasara kuma ya yi aikin baban giwa, ga shi shi ne ya jawo ƙarar can da kansa. Tun da daga kotun jiha aka ɗauko ta, can za a mayar da ita. Da a kotun tarayya matar ta shigar tun farko, korar ƙarar za a yi ba tare da an taɓa haƙƙinta ba, sai ta sake shigarwa a jiha, kuma a nan ne wa'adin shigar da ƙara ke zama abin tsoro. A cinikin kaya shekara 4 ne a yawancin jihohin Amurka, shari'a da ɗaukakawa kuwa suna iya cinye mafi yawansu. Wasu jihohi suna da dokar da ke ba irin wannan mai ƙara ɗan ƙarin lokaci, lauya ya duba ta tun kafin ya buƙace ta.

Yadda ake gane matsalar tun da wuri shi ne a karanta takardar da'awar mai ƙara ita kaɗai, a rufe ido daga amsar da ake tsammanin ɗaya ɓangaren zai kawo. Abin da ya kayar da Mottley ke nan. Su da kamfanin jirgin duk 'yan Kentucky ne, don haka hanyar bambancin jiha ba ta taso ba. Suka dogara da cewa dokar tarayya ta 1906 ita ce zuciyar rikicin, kuma gaskiya ne ita ce. Amma da'awarsu ta karya alkawari ce, wadda dokar jiha ke hukuntawa. Dokar tarayyar a bakin kamfani za ta fito a matsayin kariya, kuma Kotun Ƙoli ta ce kariyar da ake hange ba ta ba kotun tarayya hurumin farko.

Suka koma kotun jihar Kentucky suka fara daga tushe, suka sake yin nasara, babbar kotun jihar ta tabbatar musu. Kamfani ya sake ɗaukakawa zuwa Kotun Ƙolin Amurka, ita dai wadda ta ƙi taɓa maganar a 1908. Wannan karon ta karɓa, domin huruminta na duba hukuncin kotunan jihohi ya shafi batun dokar tarayya da aka hukunta a shari'a, ko daga bakin wa ya fito. A 1911 ta yanke cewa dokar 1906 ta hana kamfanin ci gaba da ba su takardar hawa kyauta, ta soke nasarar da suka samu a Kentucky.